Tauraro, Bijimin Huɗa, Kacici-kacici da Kare: Yadda Takardar Abinci Ke Tallata Abin da Ya Fi Kawo Kuɗi

Da azahar, a yawancin gidajen abinci na Kano ko Kaduna ko Maraɗi, tukunyar da ta fi saurin ƙarewa ita ce ta shinkafa da wake. Mai gidan abincin na ganin an kankare ƙasan tukunyar sai hankalinta ya kwanta, ta ce yau an yi ciniki. Amma idan wata ya ƙare, aka biya kuɗin haya da gas da albashin yara, sai a ga abin da ya rage bai kai yawan farantan da aka wanke ba. Sau da yawa dalilin yana nan a kan allon da ke rataye a bakin ƙofa: abincin da aka rubuta a sama da manyan baƙaƙe, wanda kowa ke fara gani, shi ne wanda ya fi barin kuɗi kaɗan a aljihu.

Masu harkar otal da gidajen abinci sun daɗe da fito da hanyar gano wannan. A 1982 wasu malamai biyu na Jami'ar Jihar Michigan a Amurka, Michael Kasavana da Donald Smith, suka wallafa littafi a kan abin da suka kira injiniyancin takardar abinci. Sun ɗauko tsarin ne daga wani jadawali mai gida huɗu da kamfanin ba da shawara na Boston Consulting Group ya shahara da shi tun wajen 1970, wanda manyan kamfanoni ke auna kayayyakinsu da shi. Su kuwa malaman nan sai suka shigo da shi kicin. Tambaya biyu kawai ake yi wa kowane abinci: faranti nawa ake saye, kuma naira nawa kowane faranti ke bari bayan an cire kuɗin kayan da aka dafa shi da su.

Amsar tambayoyin nan biyu ita ke raba abinci gida huɗu. Wanda ake saye da yawa kuma yake barin kuɗi da yawa, shi ne tauraro. Wanda ake saye da yawa amma abin da yake bari kaɗan ne, malaman suka kira shi dokin noma, wanda a ƙasar Hausa bijimin huɗa ya fi dacewa da shi, tunda shi ne mai shan wahalar gona. Wanda yake barin kuɗi sosai amma ba a cika sayensa ba, kacici-kacici ne. Wanda kuwa ba ya tafiya kuma ba ya barin komai, sunansa kare.

Lissafin faranti guda

A ɗauki misalin wata Hajiya mai gidan abinci a Kano, mai sayar da abinci kala 8. Misali ne kawai, farashin ma na misali ne, domin kuɗin kaya a kasuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Abin lura shi ne yadda ake lissafin.

Aiki na farko, kuma mafi wuya, shi ne sanin abin da faranti guda ya ci. Hajiya ta ɗora tukunyar dafa-dukar shinkafa. Shinkafar da man da tumatir da attaruhu da albasa da ɗunƙule da sauran kayan ƙamshi sun tashi naira 36,000, tukunyar kuma tana fitar da faranti 40. Kowane faranti ya ci naira 900 ke nan. Kaza guda ta naira 8,000 ana yanka ta gida 8, kowane yanki naira 1,000. A ƙara naira 200 na ɗan salak da kabeji da robar zubawa. Farantin dafa-duka da kaza ya tashi a kan naira 2,100, ana sayar da shi 3,500. Abin da ya rage, naira 1,400, shi za a kira rarar faranti.

Rarar faranti ba riba ba ce tukuna. Daga cikinta za a biya haya da wuta da albashi da gyaran firji, abin da ya saura bayan nan shi ne riba. Sai dai duk abincin da rararsa ta fi yawa, shi ya fi ɗaukar nauyin gidan.

A nan ne kuma ludayi ke yin ɓarna ba a sani ba. Idan yarinyar da ke zuba abinci tana da sakin hannu, tukunyar da ya kamata ta ba da faranti 40 ta ba da 34, to kowane faranti ya koma cin kusan naira 1,060 maimakon 900. Naira 160 ba ta da yawa a ido, amma a faranti 420 da ake sayarwa a wata ta kusa naira 67,000. Shi ya sa kafin a taɓa alƙalami sai an tsayar da ma'auni: ludayi nawa na shinkafa, yanka nawa na nama, kuma kowa ya bi. Lissafin da aka yi a kan farantin da yau ya cika gobe ya rage, lissafin iska ne.

Akwai wata al'ada da ta daɗe a harkar, ta auna abinci da kaso cikin ɗari: kashi nawa na farashin ya tafi a kayan girki. Kasavana da Smith sun ce wannan ma'aunin shi kaɗai yana ruɗarwa, kuma gidan Hajiya ya nuna dalili. Shinkafa da wake da mai da yaji, wato garau-garau, ana sayar da ita naira 1,500, kayanta na cin 900. Kashi 60 cikin ɗari ke nan. Dafa-duka da kaza ma kashi 60 ne, 2,100 cikin 3,500. A ma'aunin kaso, su biyun kunnen doki suke. A cikin akwatin kuɗi kuwa ɗaya ta bar 600, ɗaya ta bar 1,400. Mai gidan haya naira yake karɓa, ba ya karɓar kaso.

Layi biyu da ake ja

Aiki na biyu shi ne ƙidaya. Hajiya ta sa an rubuta duk farantin da ya fita har tsawon wata guda, aka sami 2,000. Garau-garau ce kan gaba da 560, dafa-duka da kaza na bi mata da 420. Tuwon shinkafa da miyar taushe ya sami 340, taliya da miya 300. Daga nan sai tazara mai faɗi: dambun shinkafa da zogale 120, farfesun kayan ciki da gurasa 110, sakwara da miyar agushi 90, soyayyen dankalin Turawa da ƙwai 60.

Yaya za a raba mai tafiya da marar tafiya? Da a ce kowane abinci ya sami rabonsa daidai, faranti 2,000 a raba gida 8, kowanne zai sami 250. Amma ba a taɓa samun irin wannan daidaiton ba, don haka malaman suka sassauta: duk abincin da ya kai kashi 70 cikin ɗari na wannan rabon, a ɗauke shi mai tafiya ne. Kashi 70 na 250 shi ne 175. Wannan shi ne layin farko. Abinci huɗu na farko sun haye shi, huɗu na ƙarshe suna ƙasa.

Layi na biyu na rara ne. Ana ninka rarar kowane abinci da yawan farantansa, a haɗa jimla, a raba da dukan farantan da aka sayar. A gidan Hajiya jimlar ta tashi naira 2,001,000, idan aka raba da 2,000 sai a sami kusan naira 1,000 a kan kowane faranti. Dole a bi ta wannan hanyar, domin idan aka haɗa rarar abinci 8 kawai aka raba da 8, an ba dankalin da ake saye sau biyu a rana nauyi ɗaya da garau-garau da ake saye kusan sau 19.

Da aka ja layukan biyu, kowa ya faɗa gidansa. Dafa-duka mai rarar 1,400 da tuwon shinkafa mai rarar 1,300 su ne taurari. Garau-garau mai 600 da taliya mai 700 shanun huɗa ne. Farfesu mai 1,600 da dambu mai 1,300 su ne kacici-kacici. Sakwara mai 700 da dankali mai 500 suka zama karnuka. Abin da zai ba Hajiya mamaki shi ne farfesu, wanda aka rubuta can ƙasan allo da ƙananan baƙaƙe, ya fi kowane abinci a gidan barin kuɗi a faranti guda.

Inda ido ke sauka

Sai yanzu aka zo kan takardar kanta. Shekaru da yawa masu tsara takardun abinci suna koyar da cewa idon mai karatu yana fara sauka ne a sama ta hannun dama, don haka nan ne ya kamata a ajiye abinci mafi kawo kuɗi. A 2012 Sybil Yang ta Jami'ar Jihar San Francisco ta gwada wannan da na'urar bin motsin ido, ta tarar mutane na karanta takardar abinci ne kamar littafi, daga shafin hagu zuwa na dama, daga sama zuwa ƙasa. Ba ta ga wani lungu na musamman da ido ke maƙalewa ba. Wanda ya biya mai zane kuɗi don a kai masa farfesu kusurwar dama kawai, yana iya yin asarar kuɗinsa.

Abin da ya fi samun goyon bayan gwaji shi ne matsayi a cikin jeri. A 2011 Eran Dayan da Maya Bar-Hillel sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi, har da wanda aka yi a wani gidan shan kofi na Tel Aviv, inda suka riƙa sauya wa abinci wuri a cikin jerinsa. Abinci guda, farashi guda, amma idan yana farko ko ƙarshen jeri an fi zaɓensa a kan lokacin da yake tsakiya. Ga Hajiya wannan na nufin layin farko da layin ƙarshe su ne rumfunan bakin titi, tsakiyar jeri kuwa ita ce cikin lungu.

To wa za a ba bakin titi? A allonta na da, garau-garau ce a sama saboda ita ta fi araha, aka yi ta hawa har zuwa mafi tsada. Wannan tsarin yana koya wa mai saye ya karanta farashi kafin ya karanta abinci. A sabon allo dafa-duka da kaza ce za ta buɗe jerin, dambu ya biyo ta, tuwon shinkafa ya rufe. Garau-garau da taliya su koma tsakiya. Ba ɓoye su aka yi ba, kuma ba za su ɓata ba, domin wanda ya fito daga shago da niyyar cin garau-garau zai same ta ko a ina aka rubuta ta. Bijimin huɗa ba ya buƙatar talla, shi ya sa bai kamata ya cinye wuri mafi kyau ba.

Farfesu kuma a zagaye shi da akwati, ko a sa masa hoto mai kyau. Sharaɗin shi ne a taƙaita. Akwati ɗaya ko biyu a shafi yana jan ido, amma idan kowane abinci na da akwatinsa da hotonsa da jan rubutu, an koma gidan jiya. Hoton kuma ya zama na farfesun gidan ne, a kwanon da ake zuba shi, a yawan da ake bayarwa. Wanda ya ga hoton kwano cike da tumbi da hanta aka kawo masa romo da yanka uku, ba zai ƙara saye ba, kuma sai ya gaya wa abokan zamansa.

Yadda ake rubuta farashi ma na da tasiri. Tsohon salo shi ne a rubuta sunan abinci a hagu, a ja ɗige-ɗige zuwa dama, a jera farashi a layi ɗaya miƙe. Ido na bin wannan layin daga sama zuwa ƙasa ya tsaya a kan mafi ƙanƙanta, sannan ya waiwaya ya ga wane abinci ne. Masu tsara takardu sun fi son a sa farashin a ƙarshen bayanin kowane abinci, da baƙaƙe iri ɗaya da na bayanin. A 2009 masu bincike na Jami'ar Cornell, cikinsu har da Sybil Yang ɗin da Sheryl Kimes, sun gwada salon rubuta farashi a wani gidan abinci na makarantar koyon girki da ke Hyde Park a Jihar New York. Waɗanda aka ba takarda mai lambobi zalla, babu alamar dala, sun fi kashe kuɗi a kan waɗanda suka ga alamar. Gwaji ne a gidan abinci guda, a kan mutanen Amurka, don haka bai kamata a ɗora masa kaya da yawa ba. Cire alamar naira ba zai cutar ba, amma farashin kansa dole ya fito fili. Mai cin abinci a Kano da bai ga farashi ba zai tambaya ne, idan kuma ya ji kunyar tambaya sai ya ce a ba shi abin da ya saba.

Sunan abinci shi ma aiki yake yi. "Dambu" kalma ɗaya ce da ba ta gaya wa baƙo komai. "Dambun shinkafa da zogale, da soyayyar albasa da man gyaɗa" ya riga ya sa yawu ya tsinke. Layi ɗaya ya isa, kuma duk abin da aka ambata ya kasance yana cikin farantin.

Gidajen abinci da yawa a ƙasar Hausa ba su da takarda ko allo, amma suna da jeri duk da haka, a bakin mai kai abinci. Mutum ya zauna ya ce, "Me kuke da shi?" yaro ya fara zubo wa: akwai shinkafa da wake, akwai taliya, akwai kaza. Kafin ya kai na huɗu an riga an tsayar da shi. Idan Hajiya ta koya masa ya fara da, "Alhaji, akwai dafa-duka da kaza, akwai dambu mai zafi yanzu aka sauke," ta sake tsarin takardarta ba tare da ta je wurin mai buga takardu ba. Haka kular da aka ajiye a gaba cikin gilashi, haka hoton da aka fara sakawa a WhatsApp da safe.

Kowane gida da maganinsa

Tauraro ba ya son a dame shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga dafa-duka na tafiya sai a fara rage girman kaza, ko a sauya shinkafa da mai araha. Masu saye na gane wannan cikin mako guda. Abin da tauraro ke buƙata shi ne wuri mai kyau da hannu ɗaya a girki, yadda na Litinin zai yi daidai da na Asabar.

Bijimin huɗa shi ne inda ƙaramin gyara ke yin babban tasiri, saboda yawan farantansa. Idan Hajiya ta ƙara naira 100 a kan garau-garau, rarar ta tashi daga 600 zuwa 700. Muddin cinikin bai ragu ba, naira 56,000 ce ta ƙaru a wata. Kafin ta ƙara kuwa tana iya sanin iyakar hatsarin: a da garau-garau na kawo naira 336,000 a wata, a sabuwar rara faranti 480 ne za su kawo wannan kuɗin. Ke nan sai ta rasa fiye da faranti 80 kafin ƙarin ya zama asara. Sai dai masu cin garau-garau su ne suka fi kowa lura da naira 100, kuma akwai mai sayar da ita a kowane lungu. Idan tana tsoron ƙarin, akwai wata ƙofa: a rubuta zoɓo mai sanyi kusa da ita. Zoɓon naira 300 da ya ci 100 yana barin 200, idan rabin masu garau-garau suka ɗauka, naira 56,000 ɗin nan ce dai ta shigo.

Kacici-kacici ya fi kowa cin lokaci, domin sai an gano abin da ya hana shi tafiya, kuma dalilin dambu daban yake da na farfesu. Dambu na naira 2,200, bai yi nisa da aljihun mai cin taliya ba, matsalarsa kawai ba a ganinsa. Da ya hau layi na biyu aka yi masa bayani, a ce mutum 60 cikin masu garau-garau sun koma kansa a wata. Kowane ɗaya ya ƙara wa gidan naira 700, jimla 42,000, ba tare da ƙarin kwastoma ko ɗaya ba. Dambun kuma ya tashi daga 120 zuwa 180, ya haye layin 175, ya shiga sahun taurari. Wannan shi ne ainihin abin da ake nema da tsara takarda: a karkatar da wanda ya riga ya shigo ya zauna.

Farfesu kuwa wataƙila lokaci ne matsalarsa. Abincin yamma ne da dare, gidan Hajiya kuma cinikinsa na rana ne. Idan haka ne, akwati a allon rana ba zai yi abin kirki ba, gara a tallata shi daga la'asar. Idan kuma farashin ne ya yi nauyi, za a iya gwada sauke shi daga 3,000 zuwa 2,700, amma da lissafi a hannu. Rarar za ta koma 1,300, kuma sai an sayar da faranti 136 maimakon 110 kafin a dawo inda ake. Idan bayan wata guda bai kai haka ba, ragin bai biya ba, a mayar da farashin. Gyara ɗaya ake yi a lokaci guda. Wanda ya sauya wuri da suna da farashi a rana ɗaya, ko cinikin ya tashi ba zai san wanne ne ya yi aikin ba.

Sunan kare na sa mutum ya yi saurin kora, amma karnukan Hajiya biyu ba halinsu ɗaya ba. Dankali da ƙwai faranti biyu ne a rana, yana barin naira 30,000 a wata, yana tsare kasko da mai da mutum guda a daidai lokacin da ake rububi. Babu wanda zai yi kewarsa, a cire. Sakwara ita ma faranti uku ce a rana, ga wahalar daka. Amma a ce masu cinta ma'aikatan wani ofishi ne da ke zuwa su biyar, ɗaya ba ya cin komai sai sakwara, sauran huɗun dafa-duka da tuwo suke ci. Ranar da aka daina sakwara, teburin gaba ɗaya na iya komawa wani gidan. Jadawali ba ya ganin wannan, mai zama a kan kanta ce ke gani. Irin wannan karen a bar shi a tsakiyar jeri ba tare da ado ba, a ɗan ƙara masa farashi, ko a mayar da shi na wasu ranaku.

Inda lissafin ke tuntuɓe

Tsarin yana auna kowane abinci ne da 'yan'uwansa na cikin gida, don haka layukan nan biyu ba a kafe suke ba. Da Hajiya ta cire dankali, a ce masu cinsa sun tafi, saura faranti 1,940 da abinci 7. Layin tafiya ya tashi daga 175 zuwa 194. Dambun da ya zama tauraro da faranti 180 ya sake faɗowa cikin kacici-kacici, alhali ko faranti ɗaya bai ragu ba. Duk yadda aka gyara, dole wani ya kasance ƙasa da matsakaici. Mai bin jadawali ido rufe, yana korar na ƙasa duk wata, zai wayi gari da abinci biyu a allonsa. Abin dubawa na gaskiya shi ne jimlar rarar wata da matsakaiciyar rarar faranti, ko sun ɗaga ko sun sauka.

Haka kuma lissafin bai san wahala ba. Rarar tuwo da ta dambu duka 1,300 ce, amma ɗaya na iya cin awa biyu na mutum da gas mai yawa, ɗayan kuma rabin haka. Bai san abin da ya kwana ya lalace ba, sai idan mai lissafin ta sa shi da kanta. Ba a kuma haɗa jinsi daban-daban a jadawali guda. Idan aka zuba zoɓo da kunun aya cikin lissafin manyan abinci, rararsu ta naira 200 za ta mayar da su shanun huɗa ko karnuka na ƙarya, ta kuma ja matsakaicin ƙasa har taliya ta fara kama da tauraro. Abin sha da jadawalinsa, karin kumallo da nasa.

Watan da aka ƙidaya ma yana da muhimmanci. Cinikin watan azumi ko makon Sallah ba ya wakiltar sauran shekara. Kayan miya kuma suna da lokacinsu: tumatir na araha da rani lokacin da na noman ban-ruwa irin na Kadawa da Kura ya cika kasuwa, ya yi tsada da damina. A 2016, da tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, farashinsa ya ninka sau da yawa cikin 'yan makonni. Abincin da ya dogara da jar miya na iya zama tauraro a watan Fabrairu ya koma bijimin huɗa a watan Yuni, farashinsa na allo bai motsa ba.

Tun bayan cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023, kuɗin kayan abinci da na sufuri sun riƙa sauyawa da saurin da takarda mai tsada, wadda aka buga aka lulluɓe da roba, ba za ta iya bi ba. Takardar da aka cika da gogewa da liƙe-liƙen sabon farashi kuwa tana jawo ido ne kai tsaye zuwa ga abin da ake so a sassauta, wato kuɗin. Ga gida irin na Hajiya, allon alli ko takarda guda mai arahar bugawa ya fi dacewa, a sake lissafin kayan kowane faranti duk wata, a sake jadawalin gaba ɗaya duk bayan wata uku.